Furen Kuɓewa a Ajin Bayoloji: Nazarin Tsara Darasin Sassan Fure

Darasin sassan fure yana cikin darussan bayoloji da suka fi saurin ruɗin malami game da abin da ɗalibansa suka fahimta. Malami zai zana fure a allo, ya ja layuka, ya rubuta sunaye goma ko sha ɗaya, ɗalibai su kwafa tsaf, ranar gwaji kuma kusan kowa ya ci. Bayan mako biyu a miƙa wa ɗayansu furen kabewa a ce ya nuna inda 'ya'yan za su fito, sai ya tsaya yana jujjuya shi. Dalilin a fili yake. Abin da ya haddace shi ne matsayin kowane suna a jikin hoto guda: wannan yana sama ta dama, wancan yana ƙasa ta hagu. Da aka sauya hoton, sai ilimin ya tafi tare da shi.

Wannan nazari ya ɗauki darasi ɗaya na babbar sakandare, mai tsawon minti 80, wato firiyod biyu a haɗe, a ajin da za mu ƙaddara yana da ɗalibai 60. Ra'ayin da nake karewa shi ne a gina darasin baki ɗaya a kan tambaya guda: wane sashe na fure ne yake zama kuɓewar da muke ci, kuma mece ce hujja? Feɗe furen, zana shi, sanya sunaye da jerin tambayoyi, kowannensu mataki ne na kaiwa ga wannan amsa.

Manufar darasi

A takardar tsarin darasi an saba rubuta cewa ɗalibai za su iya lissafa sassan fure tare da faɗin aikin kowanne. Wannan manufa ba ta da laifi, sai dai ana iya cika ta ba tare da an taɓa fure ba. Ya fi kyau a rubuta abin da ido zai iya tabbatarwa. Na farko, ɗalibi ya raba furen kuɓewa daga waje zuwa ciki, ya jera sassansa bisa tsari. Na biyu, ya zana rabin furen da hannunsa daga abin da yake gani, ya sanya sunaye bisa ƙa'ida. Na uku, a ba shi furen da ba a koyar da shi ba, ya gano sashen namiji da na mace, ya faɗi dalilinsa. Manufa ta uku ita ce ma'aunin sauran biyun, saboda haka tun wajen tsara lokaci ake keɓe mata rabonta, kada ƙararrawa ta cinye shi.

Zaɓen fure

Littattafan makaranta sun fi kawo furen haibiskos, wannan jan furen ado da ake shukawa a harabar ofisoshi da gidaje. Yana da girma, sassansa kuma a bayyane suke. Amma yana da matsala biyu. Da wuya ya yi 'ya'ya, don haka ɗalibi ba zai ga abin da fure ke zama ba bayan ya bushe. Sannan akwai irinsa mai ninkin fetal, wanda wani ɓangare na sassan namiji ya rikiɗe ya zama fetal. Idan wannan ya shigo aji, ƙidaya da tsari duk sai su rikice.

Kuɓewa 'yar dangi ɗaya ce da haibiskos, haka ma yakuwa da rama da auduga, kuma ginin furensu iri guda ne. Fifikon kuɓewa shi ne a jikin tsiro ɗaya, a rana ɗaya, ana samun toho wanda bai buɗe ba, da buɗaɗɗen fure, da furen jiya da ya yi yaushi, da ɗan ƙaramin ɗa da bai kai tsawon yatsa ba, da kuɓewar da ta isa tsinka. Wato duk labarin yana jere a kara guda. Kuma babu ɗalibin da bai san yadda cikin kuɓewa yake ba idan an yanka ta, don haka rabin hujjar da ake nema tana kansa tun daga gida.

Sai dai furen kuɓewa yana da sharuɗɗansa. Da safe yake buɗewa, kwana ɗaya yake yi, kafin la'asar ya fara naɗewa. Darasin da aka sa bayan azahar zai samu fure mai laushi wanda ba ya yankuwa da kyau. A nemi firiyod na safe, a tsinko furen a ranar, a sa shi cikin leda tare da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa. Tsiro ɗaya ba ya buɗe fure da yawa a rana, sau da dama ma yakan tsallake kwanaki, saboda haka 'yan tsirarun shuke-shuke a bayan aji ba za su wadatar da mutum 60 ba. Ko dai a shuka kuɓewa mai yawa a gonar makaranta wajen wata biyu kafin darasin, ko a yi magana da mai lambu tun da wuri. A tuna kowane fure da aka tsinke kuɓewa ɗaya ce mai lambun ya rasa, don haka a biya shi. Da damina abin yana da sauƙi. Lokacin sanyin hunturu kuɓewa ba ta son girma, sai a koma ga haibiskos mai fetal biyar, a kawo ɗanyar kuɓewa daga kasuwa don nuna cikin ɗa.

Idan an raba ajin rukuni 12 na mutum biyar biyar, kowane rukuni yana bukatar fure uku: ɗaya na warewa, ɗaya na tsagawa biyu, ɗaya na ko-ta-kwana, domin yankan farko yakan karkace. Jimla 36 ke nan. A ƙara wa kowane rukuni ɗan ƙaramin ɗa guda, da farar takarda, da allura ko tsinken sakace, da gilashin ƙara girma idan akwai. Reza sabuwa za a yi amfani da ita, ta kasance a hannun malami ko mutum ɗaya tak a rukuni, a ƙirga ta wajen bayarwa da wajen karɓa. Kuɓewa tana da yauƙi har a furenta, reza takan yi santsi, don haka a ajiye tsumman gogewa kusa.

Minti 80 ɗin kuwa ana iya raba su haka: biyar na buɗewa, 20 na feɗe fure, 20 na zane, 20 na tambayoyi, goma na gwaji da sabon fure, biyar na tattara kaya.

Feɗe furen

A minti biyar na farko malami ya ɗaga fure a hannu ɗaya, kuɓewa a ɗaya hannun, ya yi tambayar darasin, ya sa kowa ya rubuta hasashensa a gefen littafi. Kada ya ce wa kowa ya yi daidai ko ya yi kuskure. Wasu za su ce furen duka ne ke zama kuɓewa, wasu su ce dogon abin da ke tsaye a tsakiya, tunda siffarsa ta yi kama da ita. Wannan hasashe na biyu kuskure ne mai amfani, za a dawo kansa.

Ƙa'idar wannan mataki ita ce gani kafin suna. Ɗalibi ya cire sashe, ya ƙirga, ya kwatanta shi da bakinsa, sannan malami ya ba shi sunan. Ana farawa daga waje. A gindin furen akwai siraran ganye kore masu kama da zare, su ne efikaliks. Yawansu yana bambanta daga iri zuwa iri, saboda haka a bar kowane rukuni ya rubuta abin da ya ƙirga, kada a ba su adadi su haddace. A nan ne kuskure na farko ke faruwa, domin kusan kowa zai kira su sefal, tunda littafi ya ce sefal kore ne kuma shi ne a waje. Sefal na gaskiya yana cikinsu: a kuɓewa sun haɗe sun zama kube guda mai laushi wanda ya lulluɓe toho, da furen ya buɗe sai kuben ya tsage ta gefe ɗaya. Idan aka ba ɗalibai toho su ɓare, nan take za su ga aikinsa na kare abin da ke ciki.

Bayan haka sai fetal guda biyar, masu launin rawaya mai haske, kowanne da jan tabo mai duhu a gindinsa. Idan an cire su sai dogon ginshiƙin tsakiya ya rage, kuma a kansa ne ya kamata malami ya fi daɗewa. Jikinsa cike yake da ƙananan kawuna masu fitar da gari rawaya. Kowane kai shi ne anta, garin kuma shi ne folin, irin bununin da manomi ke gani yana tashi daga kan gero. Anta da siririn sandan da ke riƙe da shi su ne sitamen, sashen namiji. A dangin kuɓewa sandunan sun manne da juna sun zama bututu. A ƙololuwar ginshiƙin akwai wasu kawuna dabam, jajaye masu duhu, masu laushi kamar karan-miski. Waɗannan su ne sitigima, inda folin ke sauka.

Wanda ya kalli ginshiƙin daga waje zai ɗauka abu ɗaya ne, anta da sitigima duk a jiki guda. Yawancin zanen allo ma haka yake nuna shi. Gyaran wannan fahimta yana hannun allura. A tsaga bututun a hankali daga ƙasa zuwa sama, a buɗe shi, sai a ga wani farin zare a ciki wanda bai manne da bangon bututun ba. A bi shi sama, ya ƙare a sitigima. A bi shi ƙasa, ya shiga wani ɗan kumburi kore mai gashi-gashi a tsakiyar gindin furen. Zaren shi ne sitayil, kumburin kuma obari. Ɗalibin da ya zaro wannan zare da hannunsa ya ga cewa sashen mace hanya ɗaya ce miƙaƙƙiya daga sama har ƙasa, sashen namiji kuma kewaye ta kawai ya yi. Ban san wani bayani na baki da zai maye gurbin wannan minti biyun ba.

Daga nan a yanka obari a gicciye. Za a ga ɗakuna, galibi biyar ko fiye, da ƙananan fararen ƙwayoyi manne a tsakiyarsa. Su ne obul. A yanka ɗan ƙaramin ɗan kuɓewa a ajiye gefensa. Malami ya yi shiru a nan, ya bar ido ya yi aikinsa.

Zane da sanya suna

Fure na biyu shi ake tsagawa a tsaye gida biyu daidai. A fara yankan daga sandan furen a yi sama, domin reza ta ratsa tsakiyar obari tun hannu bai karkace ba. Idan aka faro daga fetal, kafin a iso ƙasa an kauce. Alamar yanka mai kyau ita ce a ga obul a jere a ɓangarori biyu, kuma a ga sitayil yana fita daga kan obari. Idan bango kore kawai ake gani babu ƙwayoyi, an yanka ta gefe, sai a ɗauko na uku.

Tambayar da malamai kan yi saɓani a kanta ita ce ko a fara nuna zanen littafi. Ni ina ganin a jinkirta shi. Muddin akwai zane a allo, ɗalibi allon zai kalla, furen da ke gabansa ya zama ado. Abin da malami zai nuna a allo shi ne yadda ake aikin: yadda ake auna wuri a takarda, a fara da obari da mazauninsa, a ja sitayil, sannan a gina sauran a kewaye. Ya yi wannan cikin minti biyu ya goge. Zanen littafi zai fito daga baya, don kwatantawa.

Ƙa'idojin zanen bayoloji, waɗanda masu duba jarrabawar aiki da hannu ta WAEC da NECO suke ba maki a kansu, kowace tana da dalili, kuma ɗalibi ya fi riƙe ta idan an faɗa masa dalilin. Ana zane da fensir mai tsini, layi ɗaya miƙaƙƙe ba mai gashi ba, domin kowane layi iyakar wani sashe yake nunawa. Layi uku a wuri ɗaya yana nufin mai zanen bai yanke shawarar inda iyakar take ba. Ba a yin inuwa ko shafa launi, domin suna ɓoye iyakokin. Wurin da reza ta ratsa, kamar bangon obari, ana nuna shi da layi biyu, saboda bango yana da kauri. Zanen ya yi girma, wajen santimita goma, don ƙananan sassa su samu wuri. A rubuta take mai faɗin abin da aka zana da kuma irin yankan.

Layin nuni da rula ake jan sa, ba a sa masa kan kibiya, kuma ba ya haye wani layin. Abu mafi muhimmanci shi ne bakinsa ya taɓa ainihin sashen da ake nufi. A wannan fure akwai wurare uku da rabin santimita ke sauya amsa. Layin da ya tsaya a bangon kumburin obari yake nunawa, wanda ya shiga ya taɓa ƙwaya kuma obul. Layin da ya tsaya a bangon ginshiƙi bututun sitamen ne, sai ya ratsa ya taɓa zaren ciki kafin ya zama sitayil. Haka kuma tsakanin efikaliks da sefal. Malamin da ke zagayawa cikin aji ba ya bukatar karanta komai. Ya duba waɗannan wurare uku a kowane littafi, zai san wanda ya gane da wanda yake cika takarda. Sunaye a rubuta su a kwance, a jere a gefe, layi ɗaya suna ɗaya na tilo. Bayani a aji yana iya gudana da Hausa, amma sunan da ke kan zane ya bi rubutun littafin jarrabawa harafi da harafi, domin kuskuren harafi yana jawo asarar makin.

Saura ma'aunin girma. Ana auna tsawon zane a raba da tsawon ainihin furen. Idan furen daga gindi zuwa bakin fetal santimita 5 ne, zanen kuma santimita 10, to 10 ÷ 5 = 2, sai a rubuta ×2 kusa da take, ba tare da santimita ba. Kuskuren da aka fi yi shi ne a auna tsawon zane a raba da faɗin fure. A sa ɗalibi ya nuna da yatsa daga ina zuwa ina ya auna a duka biyun.

Akwai wani zaɓi da ya kamata a yi tunaninsa: a raba zanen da aka riga aka buga ɗalibai su cike sunaye, ko su zana da kansu? Bugaggen zane yana da sauri, yana da kyau wajen bita. Amma idan an haɗa shi da jerin sunaye a ƙasa, ɗalibi yana iya cike na ƙarshe ta hanyar abin da ya rage, ba don ya sani ba. Idan za a yi amfani da shi a mako na gaba, a cire jerin sunayen, kuma a sauya furen ko a juya zanen.

Jerin tambayoyi

Malamai da yawa sun san matakan da Benjamin Bloom da abokan aikinsa suka fitar a 1956, waɗanda suka faro daga tuna abu suka hau zuwa fahimta, aiki da shi, tsettsefewa da sauransu. Suna da amfani wajen tunatar da malami kada ya tsaya a kan "mene ne sunan wannan". Amma jera tambayoyi shida don kawai a taɓa kowane mataki ba ya haifar da darasi mai zare ɗaya. Abin da ya fi dacewa shi ne amsar kowace tambaya ta zama kayan aikin tambayar da ke biye. Ga yadda hakan zai kasance da furen kuɓewa.

Ana farawa da abin da ke kan tebur. Wane sashe ne ya bar gari rawaya a yatsanka? Ina zaren da ka zaro ya faro, ina ya ƙare? Ɗakuna nawa ka ƙirga a obari, nawa a ƙaramar kuɓewa? Waɗannan kowa yana iya amsa su, har wanda bai taɓa ɗaga hannu ba, domin amsar tana gabansa. Idan rukuni ya ce ɗakunan obari biyar ne, na kuɓewa ma biyar, kuma ƙwayoyin suna manne a tsakiya a duka biyun, an samu hujjar da ake nema. Sai a yi tambayar da aka buɗe darasi da ita, a ce kowa ya duba hasashensa na farko. Wanda ya zaɓi ginshiƙin tsakiya a ba shi furen jiya ya taɓa: fetal da bututun suna zamewa tare su faɗi, ɗan kumburin kore kuwa ya zauna a kan kara. Obari ya zama ɗa, obul ya zama ƙwayar iri.

Mataki na gaba yana neman dalili. Folin yana kan anta, obul yana can cikin obari a rufe. Ta yaya za su haɗu? A nan ne ake raba abu biyu da ɗalibai ke cakuɗawa. Saukar folin a kan sitigima mataki ne dabam. Bayansa ƙwayar folin tana fitar da siririn bututu da ke bi ta cikin sitayil har ya isa obul, a can ne ƙwayar halittar namiji ke haɗuwa da ta mace. Ƙwayar folin kanta ba ta gangarawa, kuma ba ita ce iri ba. Tambayar da ke fallasa wannan ruɗani gajeriya ce: idan ka shuka garin nan rawaya a ƙasa, kuɓewa za ta fito? A aji da yawa za a samu masu cewa e.

Yadda malami ke karɓar amsar da ba daidai ba shi ne ke nuna ko jerin yana aiki. A ce ya tambayi aikin fetal, wata ɗaliba ta ce, "Malam, don ado ne." Maimakon ya ce a'a ya wuce, sai ya ce, "To, wa ake yi wa adon? Da safe me kike gani yana shiga furen kuɓewa a lambu?" Ta ce ƙudan zuma. "Idan ya kutsa zuwa jan tabon da ke ƙasa, me jikinsa zai goga?" Da tambaya biyu ta isa ga amsar da kanta. Ya kamata malami ya ƙara gaskiyar da littafi kan tsallake: a kuɓewa anta da sitigima suna kusa da juna, don haka furen yakan wadatu da folin kansa, ƙwari kuma suna kawo na wani tsiron.

Sai tambayoyin "da a ce". Da a ce an yanke sitigima tun toho bai buɗe ba, me zai faru? Da a ce anta aka cire duka, aka bar furen a buɗe a lambu? Da a ce an cire anta kuma an rufe furen da jakar takarda? Amsoshin uku sun bambanta: na farko babu iri, na biyu ana iya samu idan ƙwaro ya kawo folin daga wani fure, na uku babu. Ɗalibin da ya raba su ya fahimci aikin kowane sashe. Irin wannan gwaji ne Rudolf Camerarius ya yi a Tübingen ta ƙasar Jamus, ya wallafa a 1694. Cikin abin da ya nuna har da cewa masarar da aka cire wa gemu ba ta yin ƙwaya. Wannan yana buɗe ƙofar tambaya mai daɗi: gemun masara wane sashe ne? Kowane zare ɗaya sitayil ne da sitigima na ƙwaya ɗaya, folin kuma daga furen da ke ƙololuwar kara iska ke kaɗo shi. Daga nan ɗalibi zai iya bayyana dalili ɗaya da ke sa a ɓare goyon masara a tarar da giɓi.

Tsarin tambaya ba ya aiki idan ba a ba da lokacin tunani ba. Mary Budd Rowe, mai binciken koyar da kimiyya a Amurka, ta gano a farkon shekarun 1970 cewa malamai kan jira kimanin daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya. Da aka tsawaita jiran zuwa daƙiƙa uku ko fiye, amsoshi suka ƙara tsawo, masu amsawa suka ƙaru, "ban sani ba" ta ragu. Ta kuma nuna amfanin jira na biyu, wato bayan ɗalibi ya yi shiru, domin sau da yawa dalilin yana biyo bayan amsar. A aji mai mutum 60 akwai ƙarin matsala, ita ce amsa baki ɗaya, inda murya biyar masu ƙarfi ke rufe sauran. Maganinta shi ne a yi tambaya tukuna, a jira, sannan a kira suna. A manyan tambayoyi kuma kowa ya rubuta amsarsa a takarda a ɗaga lokaci guda. Tambayoyin a rubuta su cikin tsarin darasi kalma da kalma, kowace da kuskuren da ake tsammani da tambayar da za a bi shi da ita. Wanda ya bar su sai ya shiga aji, zai tarar bakinsa ya koma kan "mene ne sunan wannan".

Gwaji da furen kabewa

Minti goma na ƙarshe na sabon fure ne, kuma kabewa ta fi dacewa domin tana karya abubuwa biyu da kuɓewa ta sa ɗalibi ya ɗauka doka ne. Furenta iri biyu ne a jikin yaɗo ɗaya, namiji dabam mace dabam. Namijin yana da siririn dogon sanda, a tsakiyarsa akwai ginshiƙi rawaya na anta da suka haɗe. Macen tana da kumburi kamar 'yar ƙaramar kabewa, kuma kumburin yana ƙarƙashin fetal, ba a cikinsu ba kamar na kuɓewa. Shi ma da sassafe yake buɗewa, don haka tare za a tsinko su.

A ba kowane rukuni biyun ba tare da bayani ba, a ce kowa ya rubuta shi kaɗai: wanne ne zai yi ɗa, mece ce hujjarka, kuma ina obari? Amsoshin suna rarraba ajin. Wanda ya nemi obari a cikin fetal bai samu ba ya ce babu, matsayi ya haddace. Wanda ya ga ginshiƙin namiji ya kira ƙololuwarsa sitigima, kamanni ya bi, domin ya yi kama da na kuɓewa. Wanda ya nemi a tsaga masa kumburin, ya ga ƙwayoyi a ciki, ya bi sitayil daga sitigima har zuwa wurin, shi ne ya riƙe ma'anar: obari shi ne abin da ke ɗauke da obul, ko ina yake zaune. Adadin kowane kashi shi zai gaya wa malami inda darasi na gaba zai faro.

Aikin gida yana iya fitowa daga yakuwa. Jan abin da ake jiƙawa a yi zoɓo, wane sashe ne? Ɗalibin da ya duba tsiron zai ga fetal ɗinsa suna faɗuwa bayan kwana ɗaya kamar na kuɓewa, sefal ne ke ci gaba da girma, su yi kauri su yi ja, su kewaye ƙoƙon da iri ke ciki.

Wannan tsari yana da iyaka. Kuɓewa ba ta nuna sitamen a rarrabe ɗaya bayan ɗaya, saboda haka ɗalibi bai ga cikakken sandan anta mai zaman kansa ba; furen wake, mai sitamen goma, tara a haɗe ɗaya a ware, zai cike wannan a wani darasin. Ciyayi irin su gero da dawa, waɗanda furensu ƙanana ne marasa fetal masu launi, suna bukatar nasu lokacin. Idan kuma makaranta ba ta ba da firiyod biyu a haɗe ba, a raba aikin kwana biyu: feɗewa da zane a rana ta farko tun furen yana ɗanye, tambayoyi da gwajin kabewa a ta biyu. Sassan da aka ware a manna su a takarda da salatif, a rubuta sunan rukuni, domin tambayoyin rana ta biyu su samu abin da za a nuna da yatsa.